Ɗigo biyar na Malam Sakatare

Da zarar Disamba ta kama, sakatarorin ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke zaune a Sabon Tasha ba sa samun barci. Ana shirin tafiya gida: wasu Kachia, wasu Zonkwa, wasu Kafanchan, wasu kuma Kagoro don bikin Afan na 1 ga Janairu. Tun da 'yan'uwa na Abuja da Legas suka ce saƙon WhatsApp yana nutsewa cikin hotunan barka da safiya, sanarwa ta koma imel. Ga irin wadda kan iso:

Abubuwan da ake buƙata daga membobi:
• KUƊIN MOTA!!!
• a zo da wuri
• Kujeru,
• Mai Girma Shugaba zai yi jawabi.
• shin an biya mai girki?

Kai ka ce motar haya ce da aka cika a tasha: ga fasinja, ga buhun citta, ga akuya, duk a kujera ɗaya.

Gwajin ba wuya. Karanta jimlar da ke sama, ka ɗora mata kowane ɗigo shi kaɗai. Ana buƙatar kuɗin mota daga membobi, wannan ya zauna. Ana buƙatar "Shugaba zai yi jawabi" daga membobi? Wa ya roƙa? Na farko da na uku sunaye ne, na biyu umarni, na huɗu labari, na biyar tambaya ce da Ma'aji kaɗai zai iya amsawa, shi kuwa wayarsa a kashe take tun Nuwamba.

Kada a ɗauka ado ne kawai ya lalace. Suna tsirara ba ya faɗin wanda zai yi aikin. "Kujeru," in ji Sakatare. A kawo su ne, a yi haya, ko a biya waɗanda aka karya bara? Kowa zai zaɓi ma'anar da ba ta taɓa aljihunsa, ranar taro kuma dattawa su zauna a kan benci. Waƙafin da ke rataye a bayan kujerun ma ya sa wata baba jiran ragowar magana har yau.

Babban baƙi kuwa a wurinmu ba nahawu ke raba shi ba, muƙami ne. Kuɗi suna samun manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, da alamar motsin rai uku kamar masu gadi. Shugaba yana samun uku, har da aya. Mai girki, wadda ita ce za ta kwana a gaban murhu, ko ɗaya ba ta samu ba. Haka wakilin suna yake tafiya: in biya ne "ku biya", in aiki ne "a share", in cin abinci ne sai ka ga "mu haɗu".

Gyaran, Malam Sakatare, shi ne ka zaɓi siga ɗaya ka riƙe ta har ƙasa:

Ana roƙon membobi:
• Su biya kuɗin mota kafin 20 ga Disamba.
• Su iso tasha da ƙarfe 7 na safe.
• Su kawo kujera ɗaya-ɗaya.

Kowane layi ya fara da "Su" da aikatau, babban baƙi a farko, aya a ƙarshe. Jawabin Shugaba ya koma sakin layinsa, inda zai miƙe ƙafa. Tambayar mai girki a aika wa Ma'aji. In kuwa sunaye ka fi so, to duka su zama sunaye, "Biyan kuɗin mota", "Kawo kujera", kuma ba a sa musu aya, don ba jimloli ba ne. Ko dai kowa ya samu aya, ko kowa ya rasa. Ban da 'yan lele.

Waya ma tana da nata laifin. Takan ɗaga baƙin farko bayan aya, wani lokaci ta ƙyale layin da ya fara da ɗigon da aka manno, shi ya sa wani layin ke da hula wani babu. Layin da ya fara da "'Yan kwamiti", Y ce ke girma. "Shugaba" kuma S kaɗai, ba SH ba, komai girman rawaninsa. Taurarin da ke kaurara kalma a WhatsApp, in aka buga su a Gmail, taurari suke zama, kalmar na tsaye a tsakaninsu ba ta ƙara ƙiba ba. A kwamfuta, Ctrl+Shift+8 zai jera maka ɗigo iri ɗaya a Gmail. Sai dai Sakatarenmu ya ce ɗigon WhatsApp ya fi cika ido, kuma wa'adinsa sai baɗi zai ƙare.