Ai Na San Shi!

Ciwona ɗaya ne: ba a taɓa nuna mini zanen anime na ce ban san ko wane ne ba. Kafin mai waya ya gama miƙo ta, bakina ya riga idona.

Farin gashi ne ya fara kunyata ni. Ƙanwata ta nuna mini wani saurayi mai farin gashi a tsaitsaye, idonsa a rufe, nan take na ce Kakashi ne na Naruto. Ta ce, “Yaya, ina takunkuminsa?” Ashe Gojo ne na Jujutsu Kaisen. Kakashi hanci da baki yake rufewa, sai idon hagu da ƙyallen goshi, shi kuwa Gojo ido biyu yake ɗaurewa ya bar bakinsa a fili. Na ce hasken wayarta ne bai kai ba.

Daga baya na haɗu da zanen gamin gambiza: malafar Luffy a ka, riga mai gida-gidan kore da baƙi irin ta Tanjiro a jiki. Na rantse Luffy ne ya ari riga. Ban duba kumatu ba, inda zane uku-uku ke kwance a kowane gefe. Naruto ne aka yi wa ado da kayan maƙwabta. Masu zane suna musanya hula da riga da takobi yadda suka ga dama, amma da wuya su taɓa shaidar fuska, kamar dai yadda ake gane Bagobiri da askarsa ko da rigar wa ya saka. Da Luffy ne, da an ga ɗan tabo a ƙasan idon hagu.

Salon hannu ma ya yaudare ni. Na ga yaro mai jan gashi tsiri-tsiri na ce Goku ne aka rina. Crono ne na wasan Chrono Trigger na 1995. Akira Toriyama, mai Dragon Ball, shi ya zana shi, shi ya sa suka yi kama.

Mafi muni, wani ɗan maƙwabcinmu ya kawo zanensa: yarinya mai kunnen dila da takobi biyu. Na gyara zama na ba shi tarihinta, har da yadda ta mutu. Yaron ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, “Kawu, ni na ƙirƙiro ta.” A ƙasan takardar ga OC ɓaro-ɓaro, alamar da masu zane ke sawa idan tauraron nasu ne na kansu, ba na wani fim ba.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mun haddace karin maganar, amma da mun hango hula ko mun ji lafazin baƙo, mun gama yanke ko shi wane ne. Yanzu ina fara duba fuska da rubutun ƙasa. Ƙanwata dai ta ce har yanzu leɓena na motsi kafin in gama dubawa.