Telolin Bidiyo da Amaren Bana

Tunda amare suka koma neman tela a TikTok, duk mai keken ɗinki a Kano ya zama darakta. Aikin bai wuce daƙiƙa talatin ba: ka nuna yadda kake awo, ka faɗi ranar karɓar kaya. Amma zo ka ga ikon Allah.

Akwai tela jarumi. Shi fuskarsa ce hajar. Zai karkata hula, ya rataya tef a wuya, ya cinye daƙiƙa ashirin yana gaida masoyansa na gida da na ƙetare. Kafin a hango rigar, amarya ta wuce.

Sai gwanin awon ido, wanda kallo ɗaya yake yi ya ce, "Hajiya, na gane jikinki." A bidiyo abin burgewa ne. Ranar kamu kuwa zif ya tsaya a tsakiyar baya, ƙawaye uku suna ja, amarya ta riƙe numfashi, kwalliya na narkewa. Wanda ya san aiki tef yake nuna wa kyamara: kafaɗa inci 15, ƙirji 38, ƙugu 32, kwankwaso 42, sannan tsawon rigar, da takalmin da za a saka a ƙafa, don tsinin takalmi kaɗai na iya ƙara inci uku. Mace ce za ta auna mace, ba sai an nuna fuska ba. A kuma rufe suna da lambar waya a littafin awon, kada dangin ango su haddace ƙugun amarya.

Babban yayansu shi ne Malam Gobe. Rubutun bidiyonsa layi ɗaya ne: "Ɗinki cikin gaggawa!" Gaggawar yaushe? Ya karɓi ankon mutum arba'in, turmi-turmi daga Kantin Kwari, ga mai surfani a wata unguwa, ga wuta sai ta ga dama. Idan aka matsa masa sai ya ce saura guga, alhali ko almakashi bai taɓa atamfar ba. Ana gane shi tun daga bidiyon: babu rana, babu adadi, sai kiɗa.

Na fi son wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya fara da rigar da ya gama, a juye, a ga cikin ɗinkin. Sai tef, sai alli a kan leshi. Sannan ya dubi kyamara ya ce: "Ki kawo yadi saura sati uku biki. Rana ta goma ki zo gwaji, ta goma sha huɗu ki karɓa. Satin da ya rage na gyara ne, don amare kan rame da zirga-zirga. In da aikin dutse, ki ƙara kwana biyar."

Shi ma dai uwar amarya za ta kira shi ranar Laraba, ta ce biki Juma'a ne, kuma ai yadin ba shi da yawa.