Yadda Ake Tsayar da Lokacin Sauke Kaya da Manajan Sito Ba Tare da Tirela Ta Kwana a Titi Ba

Tsayar da lokacin kai kaya yarjejeniya ce tsakanin mai tura kaya da manajan siton mai saye, kuma abubuwa huɗu take ƙunsa: rana da sa'ar da za a fara saukewa, inda mota za ta tsaya, waɗanda za su sauke, da wanda zai ƙirga ya sa hannu. Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne tirela mai ɗauke da buhun sukari 600, kowanne kilo 50, wato tan 30, ta taso daga Legas za ta wani sito a Sharaɗa ta Kano. Tafiyar ta kai kusan kilomita dubu, amma mita ashirin na ƙarshe, daga ƙofar harabar zuwa bakin sito, su ne suka fi cin rai.

Neman mai mukulli

Matakin farko shi ne gano wanda maganarsa ke buɗe ƙofa. Alhajin da ya sayi kayan yakan ce, "Ku turo kawai, yarana suna nan." Wannan magana ce ta karamci, kuma da zuciya ɗaya yake yin ta, sai dai mukulli yana aljihun manaja, manaja kuwa watakila ya tafi ɗaurin aure Wudil. Saboda haka mai tura kaya yakan karɓi lambar manajan tun ranar ciniki, ya kira shi kafin a yi lodi, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi gida da aiki, sannan ya shiga magana. Ana kuma neman lambar mataimakinsa, domin wayar manajan sito tana da halin mutuwa daidai lokacin da tirela ta sa kai cikin layi.

Mayar da "bayan Azahar" zuwa agogo

Idan aka tambayi manaja yaushe mota za ta zo, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce "da safe" ko "bayan Azahar". Bayan Azahar kuwa fili ne mai faɗi, domin Magariba ma bayan Azahar take zuwa. Ƙwararren mai tura kaya yakan ce, "Ranka ya daɗe, mu sa ƙarfe goma na safiyar Talata a fara ɗaga buhun farko, mota za ta iso ƙofa tara da rabi." A nan lokuta biyu aka ambata, na isowa da na fara saukewa, kuma na biyun shi ne ainihin alkawari. Motar da ta iso tara da rabi ta tarar da tireloli uku a gabanta ta cika alkawarin isowa, amma direbanta zai ci abincin dare a wurin. Shi ya sa ake tambaya kai tsaye: motoci nawa ake jira ranar, kuma wannan ta nawa ce a layi?

Akwai ranakun da ake kauce wa. Ranar Juma'a aiki yakan tsaya tun kafin ƙarfe ɗaya, kuma haɗa kan 'yan dako bayan an sauko daga masallaci aiki ne mai zaman kansa. Asabar ɗin ƙarshen wata akan yi tsaftar muhalli a Kano, a taƙaita zirga-zirga da safe. A watan azumi kuma ƙarfin ɗan dako na safiya ne, don haka ba a sa sauke tan 30 da tsakar rana.

Lissafin 'yan dako

Tsawon lokacin saukewa abu ne da ake lissafawa. A ce 'yan dako takwas ne, kuma kowannensu yana ɗaukar minti biyu ya karɓi buhu a ka, ya kai cikin sito, ya dawo. Mutum ɗaya zai kai buhu 30 a awa, su takwas buhu 240, ke nan buhu 600 zai ci awa biyu da rabi. Sai a ƙara awa ɗaya domin kwance igiya, yaye tamfol, shan ruwa, da gardamar wanda ya tsallake layi. Aikin da aka fara ƙarfe goma zai ƙare wajen ɗaya da rabi, a yi salla hankali kwance. Idan kuma siton yana rufewa ƙarfe biyar, duk farawar da ta wuce ɗaya da rabi ta zama shirin kwana.

Wannan lissafi yana rushewa ne idan tirela ta kasa matsowa bakin ƙofa. Layin ya yi ƙunci, ko wata mota ta tare kwana, ko wayar lantarki ta yi ƙasa, sai tazarar ta ninka, minti biyu ya koma huɗu, awa biyu da rabi ta koma biyar. Don haka ana tambayar manaja ko tirela mai irin wannan tsawon ta taɓa shiga ta juya a wurin. Idan ya ce "Za ta shiga, in sha Allahu," ana amsa masa da "Allah ya yarda," sannan a roƙe shi ya ɗauko hoton ƙofar da layin ya turo wa direba. Da damina, musamman a watan Agusta, ana ƙara tambayar ko akwai rumfa a bakin ƙofa, domin sukari da ruwan sama ba sa ga maciji.

Kuɗin sauke da ƙirga

Kuɗin sauke akan yanka shi ne a kan kowane buhu, kuma dole a san wanda zai biya kafin mota ta bar Legas. Idan aka bar shi sai an yaye tamfol, shugaban 'yan dako ya riga ya ga kaya, ya ga direba a gajiye, ya ga hadari a gabas, kuma farashinsa zai yi la'akari da duka ukun. Haka nan ana tsayar da kuɗin kwanan mota: idan jinkiri daga ɓangaren sito ya fito, nawa za a ba direba a kowace rana, kuma wa zai bayar.

Ƙirga kuwa mutum biyu ke yin ta, ɗaya na sito, ɗaya na mota, suna tsaye wuri guda, suna daidaita adadi a kan kowane buhu hamsin. Idan kowa ya yi tasa shi kaɗai, a ƙarshe wannan zai ce 598, wancan ya ce 600, kuma babu mai sha'awar rushe jeri don neman buhu biyu. Buhun da ya fashe ko ya jiƙe ana ware shi gefe, a ɗauki hotonsa, a rubuta adadinsa a jikin takardar kaya kafin manaja ya sa hannu ya buga hatimi, tare da lokacin da aka gama.

Rubuta abin da aka faɗa

Bayan an ajiye waya, mai tura kaya yakan aika da gajeren saƙo: Talata, isowa 9:30, fara sauke 10:00, buhu 600, lambar mota da sunan direba, 'yan dako takwas daga sito, kuɗin sauke a kan mai saye. Sai ya jira manaja ya rubuto "Na amince", domin shiru ba amsa ba ce a harkar sito. Direba kuma yakan kira sau biyu, daga Kaduna da kuma daga Kwanar Dangora, don a fara tara 'yan dako. Idan mota ta lalace a hanya, ana sanar da manaja nan take a sake yanka lokaci, tun bai tara mutum takwas suna zaman jiran gawon shanu ba. Manajan da aka sanar da wuri yakan ba da wani lokacin cikin sauƙi, wanda aka bari yana jira kuwa yakan sa motar a ƙarshen layi.