Saƙon Da Kawu Ya Gyara Mini

Taron masu neman aiki ba ya zuwa Gure, mu ke binsa har Damagaram, sama da kilomita 160 bisa kwalta. A can na tarar da wata Hajiya mai ɗaukar ma'aikata a wani aikin kafe tuddan rairayi. Ba ta ko dubi takarduna ba, sai ta ce, "Ɗan Gure, yaya ake tsayar da tudu?"

Na ce ana kafa shingen kalumbo layi-layi a gicciye da iskar hunturu, wadda ke tasowa daga arewa maso gabas. In damina ta sauka a dasa itatuwa a tsakani, sannan a sa mai gadi, don akuya ɗaya na iya cinye aikin shekara. Ta ce in babu kalumbo fa? Na ce kabar goruba. Ta yi murmushi ta ba ni lambarta.

Wanda ya ga fuskoki da yawa a yini guda ba ya riƙe suna, zance yake riƙewa, shi ma in an daɗe sai ya bi iska. Don haka ina sauka mota na tsara saƙo a WhatsApp: "Ranki ya daɗe, ina wuni? Ni ne ɗan Gure da muka yi maganar kalumbo da kaba. Ina sha'awar aikin kula da dashen da kika ambata. In turo takarduna?"

Kafin in tura sai Kawu ya leƙo ta kafaɗata.

"Wannan ce gaisuwar? Babbar mace za ka yi wa ina wuni ɗaya tak, kamar mai sayen gishiri? Miƙo nan."

Ya danna alamar murya. Ya gaida Hajiya, ya gaida maigidanta, ya tambayi yara da gajiya da sanyi. Ya jero kakanninmu. Ya shaida mata yaron kirki ne ni, sai dai ci da barcin safe, kuma auren ma aikin nan yake jira. Da ya ga akuyar maƙwabta ta shigo masa gida, bai saki wayar ba ya daka mata tsawar da ta tashi kajin unguwa. Duk ya tafi Damagaram.

Alamun nan biyu suka yi shuɗi. Shiru. Na tura nawa a baya, jiki ba ƙwari.

Bayan isha'i amsa ta zo: "Na gane ka, mai kalumbo. Turo takardun a PDF guda, kada ka ɗauko su hoto ɗaya-ɗaya. Af, dattijon nan mai korar akuya yana da abin yi?"

Ni har yanzu ana duba takarduna. Kawu kuwa ya kama gadin dashe tun watan jiya, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji cewa yaran yanzu ba su iya rubuta saƙo ba.