Masu Lodin Laƙabi da 'Yan Uwansu

Da Hausa girmama mutum ba ya ba mu wahala. "Ranka ya daɗe" ta ishi hakimi, "Allah gafarta malam" ta ishi malami, dattijo kuwa "Baba" ce kawai a wuce wurin. Sai an zo rubuta katin gayyata da Turanci, ko an miƙa wa mutum makirufo a ɗakin taro, sannan gumi ke karyowa. A nan ne halin kowa ke fitowa, kuma mutanen iri-iri ne.

Wanda ya fi yawa shi ne mai lodi. Shi a ganinsa sunan babban mutum kamar motar kasuwar ƙauye ce, muddin akwai sauran wuri sai an ɗora kaya. A ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta gayyaci wani ɗan garinsu, mu sa masa suna Audu Tanko don misali. Likita ne, ya zama farfesa, ya je Makka, ya taɓa riƙe kwamishina. Mai lodi zai zauna gaban kwamfuta ya buga *Hon. Alh. Prof. Dr. Audu Tanko, PhD, Esq.*, ya ja baya ya duba, ya ga kamar da saura. Tsarin Ingilishi kuwa laƙabi ɗaya yake so a gaban suna, wanda ya fi girma ko wanda ya dace da taron. Farfesa ya haɗiye Dakta, don haka ba a jera su tare. Idan an sa *Dr* a gaba, ba a maimaita *PhD* a baya, domin abu ɗaya suke faɗa. Ita kuma *Esq.* ba ta zama da kowane laƙabi a gaban suna, ko da *Mr* ne. Idan aka sauke kayan, abin da zai rage a bayan ambulan shi ne *Professor Audu Tanko*, a cikin wasiƙar kuma *Dear Professor Tanko*. Tun da an ambaci sunansa a gaisuwa, a tsarin Birtaniya sai a rufe da *Yours sincerely*. Ita *Yours faithfully* ta wanda aka buɗe wa da *Dear Sir* ce, wato wanda ba a kira sunansa ba. Mai lodi zai ce an rage wa Farfesa daraja, har ya tambaya ina aka kai Alhajin. Alhaji na nan daram a bakin mutanen gari, kuma in katin na ɗaurin aure ne a sa masa abinsa. Amma in wasiƙar za ta je wata jami'a a Landan, sakatariyar da za ta buɗe ta za ta ɗauka mutum huɗu aka gayyata.

Ƙanen mai lodi shi ne mai naɗa kansa. Ya yi kansila na zango ɗaya shekaru da dama da suka wuce, amma har yau in ya ɗaga waya cewa yake "Onarabul ne ke magana". Ita wannan kalma a wurin masu harshen wasu ne ke faɗa wa mutum ita, ba ya sa ta a sa hannunsa, ba ya kuma gabatar da kansa da ita. Lauyoyi ma suna da nasu. Kwamitin ladabtar da lauyoyi na Najeriya ya taɓa cewa manna Barista a gaban suna bai dace da aikin ba, amma je ka duba allunan ofisoshi a kowane gari ka gani ko an ji.

Sai mai Sa. Wannan bawan Allah ba ya iya kai jimla ƙarshe bai ce "Sa" sau uku ba, har matar da ke shugabantar ofishinsu yakan ce wa "Sa" in ya rikice. Laifinsa kaɗan ne, domin Turanci ba shi da "ku" ta girmamawa, da sarki da yaron shago duk *you* ne, dole mutum ya nemi abin da zai jingina da shi. Inda yake tafka ta'asa shi ne in ya manna kalmar a jikin suna. *Sir* da ake faɗa ita kaɗai ladabi ne, kowane namiji ana iya ce masa. Wadda ake sawa gaban suna kuwa sarauta ce, sai wanda aka naɗa. Sardaunan Sakkwato ya samu tasa daga Sarauniyar Ingila a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1960. Kuma tana tafiya ne da sunan yanka: Sa Ahmadu ko Sa Ahmadu Bello, amma ba Sa Bello ba, har abada. Abin dariyar shi ne *Mr* akasin haka take, da sunan dangi take tafiya. To mai Sa yakan juya su, ya ce Sa Bello da Mista Jon, ya yi kuskure biyu a numfashi ɗaya.

Nan ma akwai wani rami da Bature kansa ke faɗawa in ya zo wajenmu. Sunanmu na biyu sau da yawa sunan uba ne ko na gari, ba sunan dangi irin nasu ba. Wanda ya ce wa Malam Aminu Kano "Mista Kano" ya bi ƙa'idar Turanci sarai, amma ya kira mutum da sunan birni guda. Shi ya sa in ana rubuta wa ɗan Arewa, Malam ko Alhaji ko Hajiya da sunan yanka sun fi zama daidai ko da a tsakiyar Turanci ne.

Mai rabon Dakta kuma hannunsa a sake yake. Mai kemis Dakta ne, mai yin allura Dakta ne, mai tallar maganin basir da lasifika a tasha shi ma Dakta ne. Attajirin da ya gina wa jami'a ɗakin karatu aka yafa masa riga, washegari an sake fentin allon gidansa. A al'adar jami'o'in Turai, digirin girmamawa a bayan suna ake rubuta shi, ba a kiran mai shi Dakta a waje. Shugabannin jami'o'in Najeriya sun taru a Keffi a 2012 sun yi yarjejeniyar rage rabon irin wannan digiri barkatai, musamman ga masu riƙe da mulki. Ni dai akwai mutum ɗaya da ba zan yi gardama a kansa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata nasa a 1988, Hausawa suka ce Dakta Mamman Shata, kuma wanda duk ya ce a cire sai ya fara kawo wanda ya fi shi sanin fanninsa.

Ranar da mai rabon Dakta zai sha mamaki ita ce ranar da ya kai mahaifinsa asibiti a Ingila. Za a ce masa wanda zai yi aikin *Mr* wane ne, sai hankalinsa ya tashi, ya ce shi likita yake so, ba ma'aikacin ofis ba. Alhali a can babban likitan tiyata shi ake kira *Mr*, in mace ce *Miss* ko *Ms* ko *Mrs*. Dalilin tsohon tarihi ne. A da masu fiɗa ba su zuwa jami'a, koyon sana'a suke a hannun ubangida, har ƙungiya ɗaya suke da wanzamai a Landan daga 1540 zuwa 1745. Masu digiri su ne Dakta, su kuwa Mista. Da sana'ar ta yi daraja sai suka riƙe sunan ya zama abin alfahari, ta yadda yau likita zai yi shekaru yana karatu ya zama Dakta, ya ƙara wasu shekarun ya ci jarrabawar tiyata don ya koma Mista. A Amurka babu wannan, duk Dakta ne. Wanzaman garinmu dai ba su ji labari ba, da sun nemi haƙƙinsu.

Gwanin kowa shi ne sanƙiran zamani, mai gabatarwa a taro. Ya sa babbar riga, ya riƙe takarda, ya dubi gwamna ido cikin ido ya ce masa *His Excellency*. Ƙa'idar ba ta da wuya: in kana magana da mutum *Your* ce, in kana ba da labarinsa ga jama'a *His* ce ko *Her*. Wanda ya dubi gwamna ya ce *His* kamar ya tsaya gaban sarki ne ya ce "ransa ya daɗe", sai fadawa su waiga su ga wa ake nufi. Daga nan sanƙira zai bi layin kujerun gaba yana rabon *Excellency*, da matar gwamna, da tsohon mataimaki, da wanda ya yi takara ya faɗi. Shugaban Amurka, da duk rundunarsa, *Mr. President* kawai ake ce masa.

In ya iso kan malaman addini sai abin ya cakuɗe. Limami da shehi ba su da matsala, Turanci ya karɓi *Imam* da *Sheikh* yadda suke, kada dai a ce wa liman Rabaran don neman burgewa. Sarkin Musulmi *His Eminence* ake rubuta masa, laƙabin da Katolika ke ba kadinal, shi ya sa in Sultan Sa'ad Abubakar da Kadinal John Onaiyekan suka zauna a teburi ɗaya, sanƙira kan ɗauka takardarsa ce ta maimaita layi. Limamin Katolika Fada ne, bishop ɗinsu a Najeriya *Most Reverend* a rubuce, a baki kuma *My Lord*. Wannan *My Lord* ɗin ita ake ce wa alƙalin babbar kotu, har da mace a kotunanmu, majistare kuwa *Your Worship*. Ita *Reverend* siffa ce, a tsattsauran tsari sai an sa *The* a gabanta da cikakken suna a bayanta. Sanƙira bai san wannan ba, kuma ba zai tambaya ba. In ya gaji sai ya ce an kiyaye dukkan ƙa'idoji, ya bar sauran manyan baƙi kowa ya zaɓi nasa.

Na ƙarshe shi ne ɗan dawowa. Ya yi shekara ɗaya a Manchesta, inda farfesansa mai furfura ya ce ya riƙa kiransa da sunan yanka, abin da yake gaskiya ne a can. Sai ya dawo gida ya aika wa tsohon shugaban sashensu saƙo da *Hi* da sunansa tsirara, yana mamakin shirun da ya biyo baya. Abokin tagwaicinsa shi ne wanda ya je can ya rubuta wa baturiyar da ke duba takardunsa *Dear Mummy*, saboda a Legas da Abuja haka ake girmama babbar mace. Ita kuwa sai ta shiga lissafin 'ya'yanta. Macen da ba ka san ko tana da aure ba *Ms* ake rubuta mata, in tana da digirin dakta kuma *Dr* kawai, ba sai an rataya mata *Mrs* a baka biyu don a sanar da duniya tana da miji ba.

Duk waɗannan mutane abu ɗaya suka ƙi yi, wanda bai fi minti biyu ba. Kowane gwamna da sarki da bishop yana da sakatare ko jami'in tsare-tsare, kuma yadda mutum ke son a kira shi yana nan a saman takardar ofishinsa. Kafin ka kai katin nan wurin mai bugawa, ɗaga waya ka tambaya.