Madalla da Bashin da Ba Ya Ciwo

A jinjina wa duk ministan kuɗin da ya gano cewa arzikin ƙasa ba sai an yi gumi ba. A ci bashi, a ba da kwangila, a ƙara albashi ana gab da zaɓe, shi ke nan kasuwa ta buɗe. Ƙaramar ƙasa ce, kuɗi na shiga suna fita ba mai tsare su a kan iyaka? To ai nan ne ma dabarar ta fi armashi, kuma in ka yi gardama sai a ambato maka malamai biyu, Marcus Fleming na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya yi rubutunsa a 1962, da Robert Mundell ɗan Kanada da nasa ya fito a 1963. Wa zai ja da Mundell, mutumin da aka ba lambar Nobel a 1999?

Bari mu bi abin daki-daki don mu ga iyakar alherin. Gwamnati ta sayar da takardun bashi na biliyan 100 don ta kashe. Da yake ta shiga layin masu neman rance, kuɗin ruwa a cikin gida ya ɗan ɗara na kasuwar duniya. Masu jari na waje suka hango riba, suka kwaso dala suna neman kuɗin ƙasar. Daga nan hanya ta rabu biyu.

In an ɗaure farashin canji, a ce goma a kan dala ɗaya, babban banki ba shi da zaɓi. Dole ya saye dalolin nan duka a kan goma, ya biya da sababbin kuɗin gida. Kuɗi suka yawaita, kuɗin ruwa ya koma daidai da na duniya, ba a hana ɗan kasuwa rance ba, kuma biliyan 100 ɗin ta zagaya daga hannun ɗan kwangila zuwa birkila zuwa mai tuwo. A nan malaman sun ce kashe kuɗin gwamnati yana aiki sosai. Madalla. Abin da ya rage kaɗan ne: babban bankin ya sallama ikonsa a kan yawan kuɗin ƙasa, kuma ranar da dalolin suka juya, shi zai riƙa fito da su daga asusun ajiyarsa a kan goman nan har asusun ya ƙare.

Girka ta nuna wa duniya kyawun wannan hanya. Ta wuce ɗaure canji ma, ta shiga yuro a 2001, ta riƙa samun rance kusan a farashin Jamus. Giɓin kasafinta na 2009 ya haura kashi 15 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa. Da masu ba da rance suka janye, babu kuɗin kanta da za ta karya wa daraja, sai aka karya albashi da fansho. Tattalin arzikin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a 2015 an koya wa Girkawa tattali: yuro 60 a rana daga na'urar cire kuɗi, ba ƙari.

In kuwa an saki canji kasuwa ta yanke, falalar ta fi haka ban sha'awa. Babban banki ya naɗe hannu, dalolin da suka shigo suka ɗaga darajar kuɗin gida, dala ta sauko daga goma zuwa takwas. Minista ya fito a talabijin yana murmushi, kuɗinmu ya yi ƙarfi. Ga wata mai sana'ar man kaɗanya da ke sayar da katan a waje kan dala 50. Da tana karɓar 500, yanzu 400, alhali ladan matan da ke mata daka da suya bai ragu ba, sai ta sallami wasu. Buhun shinkafar waje na dala 30 ya faɗo daga 300 zuwa 240, mai injin casa na gida ya rufe. A lissafin malaman, canjin zai yi ta hawa har sai abin da ƙasa ta rasa a cinikin waje ya kai biliyan 100 ɗin cif. Aikin yi bai ƙaru ba, an dai ɗauke shi daga hannun mai kaɗanya an miƙa wa ɗan kwangila. Bashin kuwa yana nan daram, kyauta ga 'ya'ya da jikoki. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan?

Duk lissafin nan ya dogara ne a kan sharaɗi guda da ministoci masu hikima ba sa ɓata lokaci a kansa: cewa masu ba da rance sun yarda za a biya su. Gana ce ta yi mana hidimar gwada abin da ke faruwa in aka cire sharaɗin.

A 2018 Gana ta kafa dokar da ta hana giɓin kasafi wuce kashi 5 cikin ɗari. Doka mai kyau, har aka jingine ta a 2020, shekarar korona kuma shekarar zaɓe, giɓin ya haura kashi 11. A 2019 da 2020 da 2021, kowace shekara an sayar da takardun bashi na kimanin dala biliyan 3 a kasuwar duniya. Dalolin suka riƙe sidi, aka shiga 2022 dala tana kusan sidi 6, kowa yana yabon gwanintar masu riƙe da baitulmali. Sai kasuwar rancen ta rufe wa ƙasar ƙofa, Amurka kuma ta fara ɗaga nata kuɗin ruwa a Maris.

Alamar da ake gane rashin lafiyar ba ta da wuya. In kuɗin ruwa na hawa kuma kuɗin ƙasa na ƙara daraja, baƙi ne ke shigowa, kamar yadda littafi ya faɗa. In kuɗin ruwa na hawa amma kuɗin ƙasa na faɗuwa, guduwa suke yi. Babban Bankin Gana ya ɗaga nasa daga kashi 14.5 zuwa 27 cikin shekarar, duk da haka a Nuwamba dala ta haura sidi 14. Gwamnati ba ta karaya ba, ta juya ga babban bankin ya cike mata giɓin, wato a ƙara zuba sidi a kasuwar da kowa ke neman rabuwa da shi. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54. Mai shago a Nima ko a zangon Kumasi ya samu sabon ilimi kyauta: ya sayar da buhun sukari da safe da riba, da yamma kuɗin ba su isa sayo wani buhun ba.

Gwamnatin da ta yi taken raba Gana da tallafi ta koma ƙofar Asusun Ba da Lamuni a Yulin 2022, aka amince mata da dala biliyan 3 a Mayun 2023. Shugaba Akufo-Addo ya tabbatar wa jama'a a Oktoban 2022 cewa ba wanda za a zaftare wa kuɗinsa. A Disamba aka dakatar da biyan yawancin bashin waje, aka kuma gayyaci masu takardun bashin gida su karɓi sababbi, masu ƙarancin riba da nisan wa'adi. A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho, waɗanda suka damƙa wa gwamnatinsu ajiyar rayuwarsu, suka samu damar motsa jiki, suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra, da kwalaye a hannu. Cikinsu har da tsohuwar babbar jojin ƙasar, Sophia Akuffo.