Ruwa Bai Iya Karatu Ba

Wani maƙwabcina a Kinkinau ya tare ni bayan sallar Asuba, cikin sanyin watan Janairu, ya miƙo mini agogonsa kamar mai miƙa takardar sammaci. Gilashin ya yi fari fat daga ciki, sai ka ce murfin tukunyar dambu. Ya juya bayan agogon ya nuna mini rubutu: WATER RESISTANT 30M. Ya ce, "Malam, mita talatin fa aka rubuta. Ni kuwa bokitin wankana ko kamu ɗaya bai kai ba. To ina sauran mita ashirin da taran suka tafi?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa cikakkiya, domin agoguna da yawa sun mutu a banɗakunan Kaduna ba tare da an yi musu bayani ba. Farkon abin da ya kamata a sani shi ne, ruwa bai iya karatu ba. Duk abin da aka rubuta a bayan agogo, don mai agogon aka rubuta. Shi ruwa ƙofa kawai yake nema.

Wannan 30M ɗin ba alkawarin zurfi ba ne, sakamakon jarrabawa ne. A masana'anta ana ɗaukar sabon agogo fil, a saka shi cikin wata tukunyar gwaji, a matsa ruwan har nauyinsa ya kai irin wanda ake samu a zurfin mita 30, a bar shi kimanin minti goma, a fito da shi a duba. Duk mita goma na zurfi daidai yake da awon matsi guda, wanda ake rubutawa BAR ko ATM. Don haka 30M da 3 BAR da 3 ATM magana ɗaya ce a bakuna uku. Wanda yake son ya ji nauyin abin a jikinsa, ya tuna iskar da mai faci yake ɗura wa tayar ƙaramar mota: ba ta wuce BAR biyu da ɗoriya ba. Ke nan agogon maƙwabcina ya taɓa jure abin da ya fi wannan.

Ƙa'idar da ake bi a yau sunanta ISO 22810, ta shekarar 2010. Bayan gwajin matsi, ta ce a jiƙa agogon awa guda a zurfin santimita goma, a kuma tsoma shi a ruwa mai ɗumin digiri 40, a mayar da shi na 20, a sake mayar da shi na 40. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a rubuta a bayan agogo. Na farko, ƙa'idar ba ta tilasta a gwada kowane agogo ba. Ana iya zaɓar kaɗan daga cikin tari, kamar yadda mai sayen gero yake caka buhu ɗaya ya yarda da sauran. Na biyu, agogon da aka gwada sabo ne, yana zaune shiru, ba a danna masa komai, babu sabulu, babu gumi, babu ƙurar hunturu. Ya ci jarrabawar ne ranar da aka haife shi. Daga ranar kuwa tsufa yake yi.

Abin da ke tsufan shi ne ainihin maganar. Jikin agogo yana da ƙofofi: murfin baya, bakin gilashi, ɗan maɓallin gefe da ake ja a saita lokaci, da sauran maɓallan dannawa in akwai. Kowace ƙofa maigadinta ɗaya ne, wato wani siririn zoben roba, kaurinsa bai fi na zaren ɗinkin takalmi ba. Ko agogon ƙarfe ne mai nauyin da zai iya fasa kwakwa, rayuwarsa a hannun wannan zaren take. Zafin rana yana busar da shi, gishirin gumi yana cinsa, turare da man shafawa suna lalata shi, har ya daina lanƙwasa ya soma tsagewa.

Da wannan a zuciya, sai a bi darajojin ɗaya bayan ɗaya. Agogon da ba a rubuta masa komai ba, tsakaninsa da ruwa sai gaisuwa daga nesa. Mai WATER RESIST kawai, ko 30M, an yi shi ne don fantsalin ruwa: wanke hannu, yayyafi, gumi. Shahararren Casio F-91W, baƙin nan na roba da ya fito a 1989 wanda ba a rasa shi a hannun ɗalibai da 'yan kasuwa, a nan ajin yake a hukumance, ko da yake an san shi da taurin rai. Mai 50M ya ɗan girma. Wasu kamfanoni, har da Casio, sun yarda a yi ninƙaya da shi a saman ruwa mai kwanciya, wasu kuma suna cewa a yi hattara. Daga 100M ne hankali yake kwanciya: a yi iyo, a nutsa a taso. Mai 200M irin G-Shock ya wuce duk wata buƙatar mutumin Kinkinau. Shi kuwa wanda aka rubuta wa DIVER'S, yana ƙarƙashin wata ƙa'ida dabam, ISO 6425, inda ake gwada kowane agogo shi kaɗai, a matsin da ya ɗara na rubutun da kashi 25 cikin ɗari. Na masu nutso da tulun iska ne.

Mu dawo gida, mu fara da alwala, tunda ita ce haɗuwar agogo da ruwa mafi yawa a unguwarmu. Sau biyar a rana, a shekara ya kama sau 1,825. Ruwan buta ba shi da wani ƙarfi, kuma agogon 30M mai lafiyayyen zobe zai ɗauka. Sharuɗɗan biyu ne: maɓallin saiti ya kasance an tura shi ciki sosai, kuma kada a danna komai alhali agogon yana jiƙe, domin dannawa tana motsa zoben, ruwan da ke tsaye a bakin ƙofa ya samu hanya. Amma da yake ana son ruwa ya game fatar hannu har gwiwa, cire agogon a jefa aljihu ya fi sauƙi ga kowa. Maɗaurin fata ma zai gode, don shi ba ya cikin yarjejeniyar mita talatin tun farko: yana shan ruwa, ya yi wari, ya tsage.

Wanka kuwa shi ne makashin agogo, kuma ba don zurfi ba. Abubuwa uku ne suke haɗa kai. Zafi yana sa ƙarfe da gilashi da roba su buɗe, kowa da saurinsa, sai 'yar tazara ta samu a tsakaninsu. Iskar da ke cikin agogon ma tana kumbura da zafi. Da mutum ya fito cikin sanyin safiya sai ta tsuke, ta zuƙo danshin da ke bakin zoben. Sabulu kuma aikinsa ke nan a duniya, ya sa ruwa ya ratsa inda da ba ya iya ratsawa, ya kuma wanke maiƙo, har da ɗan man da aka shafa wa zoben don ya zauna da laushi. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke hana wankan ruwan zafi da agogo, ko mai 100M ne. Wanki da omo ma hukuncinsa ɗaya.

Da na bi diddigin agogon maƙwabcina, ga yadda lissafin ya fito. Ya saya gab da wata ƙaramar Sallah, ya yi shekara biyu yana alwala da shi lafiya lau. A watan Disamba batir ya ƙare, ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa. Mai gyaran ya ɓalle murfin da bakin wuƙa, ya sa sabon batir, ya danna murfin da babban yatsa, aka biya, aka rabu da fara'a. Na buɗe murfin a gaban maƙwabcin nawa: zoben ya fita daga kwarminsa ta gefe guda, murfin ya danne shi ya daɗe, ga ƙura ta manne masa. Mako uku bayan gyaran, uwargida ta dafa ruwan wanka saboda sanyi, shi kuma ya shiga da agogonsa. Mita talatin ɗin da yake nema, ranar canjin batir suka tafi. Rubutun ne kawai ya rage, domin shi a ƙarfe aka sassaƙa shi.

Don haka duk wanda zai canja batir, ya tsaya a kan mai gyara. Ya ce, "Maigida, don Allah a duba mini robar." In ta bushe ko ta tsage ko ta miƙe, a sa sabuwa daidai girmanta, a goge kwarmin, a shafa mata ɗan ƙiris na silikon, ba man inji ba, ba kuma man kitso ba. Idan babu na'urar gwada matsi a shagon, to daga ranar a ɗauki agogon a matsayin mai jure fantsali kawai, ko me aka rubuta masa.

Alamar shigar ruwa ba ta ɓuya. Ɗan hazon da ya bayyana lokacin da aka fito daga zafi zuwa sanyi, ya kuma ɓace cikin 'yan mintuna, yana iya zama danshin iskar ciki ne kawai. Wanda ya zauna, ko ya zama ɗigo-ɗigo, ruwa ne. A ranar za a kai shi a buɗe, a cire batir, a busar, domin tsatsa ba ta jiran albashi. Binne agogo cikin buhun shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke bayan rufaffen murfi. Hazon yana iya ɓoyewa da rana, ya dawo da dare, injin kuwa yana ci gaba da ruɓewa.

Saura ninƙaya. Wanda zai shiga tafkin iyo na otal, ya nemi 100M, ya kulle maɓallin saiti in mai murɗawa ne, ya ɗauraye agogon da ruwa mai tsabta bayan ya fito saboda sinadarin da ake zubawa. Kogin Kaduna da damina kuwa, maganarsa ta wuce ta agogo. Iya ruwa fid da kai. Kuma duk wannan bayani ya shafi agogon asali ne. Na jabu da ake zubawa a faranti a Kasuwar Barci ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana iya buga masa 200M da kuɗin tawada ɗaya da 30M, kuma tukunyar gwajin da zai fara shiga a rayuwarsa ita ce bokitinka.

Agogon maƙwabcina ya tashi, don an kai shi da wuri. An sa masa sabon zobe, an goge ɗan tsatsan da ya soma kama mazaunin batir. Shi kuma ya kafa ƙusa a jikin ƙofar banɗaki, daidai tsayin kafaɗa, daga waje. Tun daga ranar, kullum da safe agogon yana rataye a nan yana ƙirga mintunan wankan, a bushe.